Atamfar da ta daɗe a shago, me ya haɗa ta da dala?

Tambaya: "Yaya, atamfar da na saya dubu 9 a Kwari yanzu wai dubu 17, wai dala ta tashi. Ni da naira nake saya, kuma kayan tun tuni suke shagon. Ba zalunci ba ne?"

Wa'alaikumus salam ƙanwata.

To, ke da naira kika biya, amma mutumin China da ya buga atamfar ba ya karɓar naira. Sai ɗan kasuwa ya je Wapa, kasuwar 'yan canji ta Kano, ko banki ya sayi dala tukuna. Dalar ma haja ce, masu nema sun yi yawa, ita kuma ta yi ƙaranci, tunda ɗanyen mai ne babban abin da muke sayarwa waje mu same ta. A Yunin 2023 Babban Banki ya saki farashin, daga wajen naira 460 a hukumance, kafin Fabrairun 2024 ya ƙare ta haura 1,500.

Bari in yi miki lissafi. A ce turmi ɗaya dala 10 ne. Alhaji ya sayi dala a 750 a kasuwar bayan fage, ya saro turmi 100, naira dubu 750 kenan. Ya sayar a dubu tara-tara, ya tashi da dubu 900, yana murna ya ci ribar dubu 150. Ya koma Wapa, aka ce dala 1,500. Kuɗinsa dala 600 kawai za su saya, turmi 60 kenan. Turmi arba'in sun tafi, ba gobara, ba ɓarawo! Na ga shagon da kantarsa ta rame haka, kaya rabi, mai shi yana rantsuwa bai taɓa faɗuwa ba. Shi ya sa mai wayo ba ya duba nawa ya saro, nawa zai sake sarowa yake dubawa.

Ga kuma kwastan. Su ma darajar kayan a dala suke juyawa zuwa naira da farashin hukuma, sannan su yanke haraji. Kuɗin jirgin ruwa ma dala ne.

Amma fa kina da gaskiya ta wani gefe. Hayar shago da kuɗin ɗan dako ba dala ba ne, don haka idan dala ta ninka, kaya suka ninka sau uku, akwai son zuciya a ciki. Kuma in ta sauka ba sa gaggawar ragewa: kwantenar da ke kan ruwa da tsada aka biya ta, sai ta yi wata ɗaya ko biyu kafin ta iso, ga tsoron kar ta sake tashi, kamar yadda ta yi bayan ta sauko a Afrilun 2024.

Ki zaga shago uku kafin ki biya. Ki gaida Umma.