Me ya sa Bature ya ji haushin wasiƙata?

Maigida, barka da war haka. Baturen nan na Landan da muke tura wa riɗi ya tambaye ni ranar da jirgin ruwa zai tashi, alhali na riga na rubuta masa ranar Litinin. Na amsa masa da "As per my last email" na ƙara da "Please be advised" game da cikon kuɗi, kamar yadda nake gani a takardun ofis. Sai ya maido da kalma ɗaya tak, "Noted", kuma na ji ya buga maka waya. Ni ladabi na nufa. Ina na kuskure?

Yarona, kwantar da hankalinka, cinikin bai lalace ba. Mun yi magana, ya tambaye ni ko akwai wata matsala tsakaninmu da bai sani ba, na ce masa babu, sabon akawu ne. Amma zo mu buɗe wasiƙun biyu, domin kuskuren tun ranar Litinin ya fara.

Wasiƙarka ta ranar 3 ga Maris sakin layi biyar ce. Ka yi maganar tsabtar riɗin da aka tankaɗe a Dawanau, ka yi maganar buhuna, ka kawo batun takardar shaidar lafiyar amfanin gona, sannan a sakin layi na huɗu ka cusa ranar tashin jirgi a tsakiyar wata doguwar jimla. Mutumin nan a waya yake karanta saƙo, wataƙila a tsaye cikin jirgin ƙasa. Ranar Alhamis abu ɗaya yake so, wato kwanan wata. Ga abin da ka ba shi:

"As per my last email, the vessel sails on 14 March. Please be advised that the balance is due on receipt of the B/L copy."

Rufe kalmomi biyar na farko da yatsa ka sake karantawa. Jirgi zai tashi 14 ga Maris, cikon kuɗi kuma da zarar ya karɓi kwafin B/L, wato takardar lodin jirgi. Ba abin da ya ragu na labari. To idan ba labari suke ɗauke da shi ba, me suke ɗauke da shi? Tuni ne cewa ka riga ka faɗa, shi ne bai karanta ba. Da Hausa abin da kunnensa ya ji shi ne "ai na gaya maka". Ka taɓa zuwa wurin mai shago ka tambayi kuɗin mudu, ya ce maka "ai yanzun nan na faɗa"? Gaskiya ya faɗa, amma gobe shagon maƙwabcinsa za ka. Da baki ma akwai sauƙi, domin murmushi da taushin murya suna wanke rabin zafin. Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, to imel ba shi da fuska. Mai karatu ne ke saka wa kalmominka murya, kuma wanda ya san cewa bai karanta saƙon baya ba, muryar faɗa zai saka.

Akwai kuma abin da ba za ka sani ba sai ka daɗe kana mu'amala da su. A ofisoshin Ingila da Amurka wannan jimlar ta riga ta yi ƙaurin suna, har barkwanci ake yi da ita, ana cewa ita ce hanyar zagin abokin aiki ba tare da an kore ka ba. A 2018 kamfanin Adobe ya tambayi ma'aikata a Amurka kalaman imel da suka fi ƙona musu rai. Wadda ta zo ta ɗaya ita ce "Not sure if you saw my last email", sai "Per my last email" ta biyo ta. Ka lura duka biyun abu guda suke nunawa da yatsa: saƙon da aka aiko maka ba ka kula ba. Saboda haka ko da zuciyarka fara ce tas, jimlar ta iso masa da kayan da wasu suka ɗora mata.

Kada ka ɗauka "as per" ɗin ce kanta mai laifi. Idan ka rubuta "as per the contract" ko "as per invoice 214", takarda kake nunawa, wadda ku biyu kuka amince da ita, kuma ba wanda zai ji komai sai dai a ce Turancinka na tsofaffin akawuna ne. Da ka maye gurbin takardar da "my last email", yatsan ya tashi daga kan takarda ya koma kan mutum.

Ita kuwa "Please be advised" matsalarta daban. Tambayi kanka su wa ke rubuta ta. Banki idan zai ƙara caji, lauya idan zai ba da wa'adi, mai gidan haya idan zai tayar da ɗan haya. Kusan kullum abin da ke bin bayanta ba mai daɗi ba ne, shi ya sa mai karatu ke ɗaure fuska tun kafin ya kai ƙarshen layi. Ginin jimlar ma ya ɓoye mai magana: ba "ina sanar da kai" ba ne, "a sanar da kai" ne, irin muryar sanarwar da ake liƙawa a bango. Mutumin da kuka yi wata uku kuna gaisawa da sunan farko, rana ɗaya ka koma yi masa magana kamar allon sanarwa, kuma a kan kuɗi. Dole ya yi zaton ana zargin ba zai biya ba. "Please" ɗin da ke gaba ba ta ceto komai. Mu ma muna da irinta: "don Allah malam ka ba mu wuri" akwai don Allah a ciki, amma kora ce.

Abu na uku ba ka ambata ba, ni na gani. Ka saka ni da manajansa a layin "Cc". Tuni a kan laifi, da muryar lauya, a gaban shugabanninku. Wannan shi ya sa ya ɗauki waya. "Noted" ɗin da ya maido maka kuwa ramuwa ce da irin makamin da ka ɗauka: na ji, ba ni da abin cewa.

Na san inda ka samo su, domin ni ma can na samo. Turancin takardun ma'aikatunmu gadon ofisoshin Turawan mulki ne, su "I am directed to inform you" da "With reference to your letter". Su masu abin sun daɗe da fara yaƙi da shi a gidansu. Tun 1948 baitulmalin Ingila ya sa wani babban ma'aikaci, Ernest Gowers, ya rubuta wa ma'aikatan gwamnati jagora a kan rubutu da sauƙaƙan kalmomi, kuma a 2010 Amurka ta mai da abin doka ga hukumomin tarayyarta. Mu muka riƙe tsohon salon, har muke jin wasiƙa ba ta cika ba sai da shi. A nan gida nauyin kalma girmamawa ce. A wurin ɗan kasuwar Landan na yau, nauyin kalma ja da baya ne.

Ga yadda da ni ne zan amsa masa:

"Hi, the vessel sails from Apapa on 14 March. I'll send you the B/L copy as soon as the shipping line releases it, and the 70% balance falls due then."

Dubi abin da ya canza. Amsar tambayarsa ta zo a layin farko, ba tare da an tuna masa komai ba. Batun kuɗi bai ɓace ba, kaso 70 ɗin yana nan da lokacinsa, amma na fara da abin da ni zan yi, wato tura kwafin takardar lodin jirgi, sannan nasa ya biyo baya a matsayin mataki na gaba. Sake rubuta kwanan watan daƙiƙa goma zai ci maka. Idan bayanin da yake nema dogo ne, kamar jerin nauyin buhuna, kwafo shi ka liƙa a ƙasa ka ce "Here it is again so you have it handy". Ka ba shi abin, ka bar zancen wanda ya manta.

Amma ban ce ka jefar da kaifin alƙalami gaba ɗaya ba, yana da ranarsa. A ce kwantena ta isa, ka tura takardu, mako biyu babu kuɗi, ka rubuta sau biyu shiru, kuɗin jinkiri na tashar ruwa yana hawa kowace rana. A nan kana bukatar wasiƙar da za ta tsaya a matsayin hujja idan abin ya kai ga masu sasanci. Ko a ranar ma ba "my last email" za ka rubuta ba, domin wanda zai karanta fayil bayan wata shida bai san wanne ne na ƙarshe ba. Kwanan wata za ka sa: "In my emails of 2 and 9 April I asked for the balance", sai adadin kuɗin, sai ranar da kake jira. Wannan ya fi "Please be advised" tsoratarwa nesa ba kusa ba, kuma ba wanda zai ce ka yi rashin kunya. Sai dai kafin irin wannan wasiƙa ta fita daga ofishin nan, ni zan fara buga waya, kuma ni zan sa hannu. Da wuya a koma wasa da dariya bayanta.

Sannan ka riƙa duba wanda kake rubuta wa. Idan takarda za ta je wata ma'aikata a Abuja ko sakatariyar jiha, bi salonsu, can rashin waɗannan kalmomin ne zai zama raini. Abokan cinikinmu na Indiya da Dubai da yawansu da irin Turancinmu suke rubutu, za ka ga "please be informed" da "kindly revert" a saƙonsu ba da wata manufa ba, don haka in sun aiko maka kada kai ma ka hau dokin zuciya. Hanya mafi sauƙi ita ce ka karanta saƙonni uku na baya da mutum ya aiko. In da "Hi" yake farawa ya rufe da "Thanks", kada ka amsa masa da rigar lauya. Kafin ka danna "Send" kuma, juya jimlar farko zuwa Hausa a ranka, ka ji ko za ka iya faɗa wa Alhajin da ke kawo mana kaya ita ido da ido.

Game da Baturen, kada ka rubuta doguwar ban-haƙuri, za ta mai da ƙaramin abu babba. Ranar da takardar lodin ta fito, tura masa ita da layi biyu, ka cire manajansa daga "Cc", ka ƙara da "Sorry if my last note sounded stiff". Kawo min in gani kafin ka tura.