Kilishi a Oben: Zafi Nawa, Awa Nawa?

Tambaya: "Yaya Hajiya, damina ta hana mu shanya a nan unguwar Nima a Accra. Idan zan busar da kilishi a oben, zafi nawa zan sa, kuma awa nawa zai ɗauka?"

Amsa: Ƙanwata, ki sa oben a digiri 70 zuwa 80 na Salshiyos, ki kuma ware awa biyar zuwa shida. Amma lissafin nan ba zai yi daidai ba sai yankan ya yi siriri. Ki nemi cinyar saniya marar kitse, domin kitse ba ya bushewa, shi ne kuma yake sa kilishi ya yi wari bayan 'yan kwanaki. Ki ajiye naman a firiza kamar awa ɗaya har ya ɗan daskare, sannan ki yanka shi kaurin milimita 3, ko ki roƙi mahaucinki ya feɗe miki.

Na gwada da kilo ɗaya a makon jiya. Na shimfiɗa yankan a kan ragar ƙarfe, ba a faranti ba, babu wanda ya hau wani, na sa digiri 75, na saƙala muciya a bakin ƙofar oben ta yadda ba za ta rufe ruf ba. Wannan 'yar kafar ita ce ke maye gurbin iskar shanya, domin idan tururi bai samu hanyar fita ba, naman dahuwa zai yi a cikin ruwansa. Bayan awa biyu da rabi ya ƙame, sai na tsoma shi cikin labu na tunkuza da citta da kanumfari da masoro da barkono da albasa da gishiri, na mayar da shi ya ƙara awa uku, na juya shi sau ɗaya a tsakiya. Daga ƙarshe na rufe ƙofar, na ɗaga zafin zuwa digiri 135 na minti goma, wanda shi ne madadin gashin da mahauta ke yi a kan garwashi, yana kuma kashe ƙwayoyin cutar da suka rage.

Idan obenki na gas ne, ki yi hattara, domin da yawansu ko an rage wuta ƙarshe suna haura digiri 120. A irin wannan zafi waje ke ƙeƙashewa, ciki kuwa da sauran danshi, ga labu yana ƙonewa ya yi ɗaci. Ki ƙara buɗe ƙofar, ki mayar da ragar nesa da wuta.

Kada ki gwada shi da zafinsa, domin laushin zafi yana ruɗi. Ki bar yanki ɗaya ya huce minti biyar, ki lanƙwasa shi. Idan ya tsage har fararen zaruruwa suka bayyana amma bai karye ba, ya yi. Idan ya lanƙwashe kamar fata, ki ƙara masa rabin awa. Da yake iskar Accra tana da danshin teku, ki zuba shi a mazubi mai murfi da zarar ya huce, wanda zai wuce mako kuma ki sa a firij, don kada ya yi fumfuna.