Jarrabawar Kafin Horo da ta Bayansa: Yadda Ake Haɗa Tagwayen Takardu

Tambaya: Malam, zan ba ma'aikatan jinya 30 horon kwana biyu kan lissafin maganin yara. An ce in yi musu jarrabawa kafin horo da bayansa. Shin in maimaita takarda ɗaya, ko in rubuta sabuwa?

Amsa: Malama, a horon kwana biyu ban ba ki shawarar maimaita takarda ɗaya ba. Wanda ya ga tambaya jiya da safe zai riƙe ta a ka, ya tambayi na kusa da shi lokacin hutu, ko ya kasa kunne yana jiran amsarta kawai. Makinsa zai ƙaru, amma ba za ki san ko iyawa ce ko hadda ba. Sabuwar takarda da aka rubuta kara zube ita ma da matsalarta, domin idan ta fi ta farko sauƙi, sauƙin ne zai fito a matsayin nasarar horo.

Abin da ake yi shi ne tagwayen takardu, A da B. Kafin ki rubuta ko tambaya ɗaya, zauna ki jera abin da kike so su iya idan an tashi, sannan ki raba tambayoyi 20 gwargwadon lokacin da kowane darasi zai ci. Misali, 8 kan lissafi bisa nauyin yaro, 6 kan mayar da miligiram zuwa mililita, 6 kan tazarar awoyi tsakanin shan magani. Kowace tambaya ki rubuta ta tare da 'yar'uwarta a zama ɗaya, ɗaya ta tafi A, ɗaya B.

A nan ne aikin yake. Ɗauki farasitamol a kan miligiram 15 ga kowane kilo. Idan A ta ce yaro mai kilo 12, amsa 180, to B ta ce mai kilo 14, amsa 210. Kada ki sa kilo 10 a ɗayarsu, don kowa zai yi wannan da ka, ɗayar kuwa sai an ja biro. Matakan lissafi su zama daidai, tsawon jimla daidai, zaɓi huɗu-huɗu. Hatta amsoshin bogi su fito daga kuskure iri ɗaya: idan a A akwai amsar wanda ya tara maimakon ya ninka, wato 27, to a B a sami 29. Ni nakan ƙara "ban sani ba" a ƙasa, saboda da zaɓi huɗu mai canki-canka kan ci kusan 5 cikin 20 ba tare da ya san komai ba.

Duk ƙoƙarinki, sai ɗaya ta ɗan fi ɗaya wuya. Maganin wannan shi ne musaya. Raba mutanen gida biyu ta hanyar ƙuri'a, 15 su fara da A su ƙare da B, sauran 15 su fara da B su ƙare da A. A ce rukunin farko ya tashi daga matsakaicin maki 9 zuwa 15, na biyu kuma daga 11 zuwa 13. Na farko ya ƙaru da 6, na biyu da 2, alhali aji ɗaya suka zauna. Wannan na nuna B ta fi sauƙi da kimanin maki 2, ƙaruwar gaskiya kuma ita ce tsakiyarsu, wato 4. Da kowa ya fara da A, da kin kai rahoton 6 da zuciya ɗaya, kuma da kin yi kuskure.

Ki ba kowa lamba guda da zai rubuta a takardun biyu, don ki haɗa makin mutum da nasa. Wanda ya yi jarrabawa ɗaya kawai, cire shi daga lissafi. Lokacin da za a ba su ya zama ɗaya, ƙa'idar na'urar lissafi ma haka, kuma kada a bayyana amsoshin farko sai an gama ta biyu.

Ki dubi makin farko da kyau. Idan yawancinsu sun ci 17 ko 18 tun kafin horo, takardar ta yi sauƙi, ba sauran wurin da ƙaruwa za ta bayyana. Shi ya sa nake so ki gwada takardun biyu a kan ma'aikata biyar ko shida da ba sa cikin horon, ki gyara duk tagwayen da kika ga suna cin ɗaya suna faɗuwa ɗaya.

Jarrabawar ranar rufewa tana nuna abin da ke kansu a ranar ne kawai. In da hali, bayan mako huɗu zuwa shida ki sake ba kowa takardar da ya fara da ita, ki ga nawa ya rage daga cikin maki 4 ɗin nan.