Takin da ya gudu daga jigawa ya zauna a fadama

Tambaya: Malam, ina noma a wajen Tawa. Ina da jigawa hekta ɗaya ta hatsi da 'yar fadama da nake sa dawa. Bara taki iri ɗaya na zuba musu rana ɗaya. Hatsin ya yi kore shar, da marka ta sauka sai ya koma ɗorawa, dawar kuwa ko gezau. Ɗana ya kai ƙasar awo Yamai, takardar ta ce CEC na jigawa 1,4, na fadama 22. Bana kuɗin buhu uku nake da su. In canza mai sayar mini da taki ne, ko in sayi wani iri mai tsada?

Amsa: Alhaji, ka bar mai kantin nan ya sha ruwa. Da takinsa jabu ne, dawar fadama ma da ba ta ji shi ba. Amsarka tana cikin lambobin nan biyu da yaro ya kawo.

Ƙwayoyin laka da ruɓaɓɓen taki da ya zama baƙar ƙasa suna da wani maganaɗisu a jikinsu. Da shi suke kama wasu daga cikin abincin shuka, wato fotasiyom, kalsiyom, manyeziyom da amoniyom, su riƙe su kada ruwa ya tafi da su, sannan su riƙa sakar wa saiwa kaɗan-kaɗan. Yawan abin da kilo ɗaya na ƙasa zai iya riƙewa shi ne CEC, kuma za ka ga an rubuta cmol(+)/kg ko méq/100 g a gefensa, duk lissafi ɗaya ne. Ka ɗauke shi girman rumbu. Rumbun fadamarka ya ninka na jigawa sau goma sha biyar da 'yan kai. Tsabar rairayi kusan ba ta riƙe komai, kamar ka zuba ruwa a rariya ne.

Bari mu buɗe 1,4 ɗin nan mu ga daga ina ya fito. A jigawa irin tamu rairayi ya kan haura kashi 90 cikin 100, laka ba ta wuce kashi 3 zuwa 5 ba, kuma lakar ma irin mai rauni ce, wadda ƙarfinta bai wuce 3 zuwa 15 ba in ita kaɗai aka auna. Mu ce kashi 5 ce mai ƙarfin 10: ta ba ka 0,5 ke nan. Baƙin ruɓaɓɓen taki kuwa ƙarfinsa ya kan kai 200, don haka ko kashi 0,4 cikin 100 ne kawai a gonarka, ya ba ka 0,8. Ka ga ɗan abin nan da ido ba ya ko gani shi ke ɗauke da fiye da rabin rumbun. Shi ya sa hatsin gindin gawo da na inda Fulani suka yi zango yake fita daban, kowa ya sani tun kafin a zo da takardar awo. Fadama ba ta dogara da wannan sosai ba. In tana tsagewa da rani har ka sa yatsu a ciki, lakarta mai kumbura ce, ƙarfinta daga 80 zuwa sama.

Sai dai akwai abin da ko fadamar ba ta iya riƙewa. Yuriya in ta shiga ƙasa mai laima, cikin 'yan kwanaki ta koma amoniyom, wanda ƙasa ke kamawa. Bayan mako biyu ko uku a zafinmu sai amoniyom ɗin ya rikiɗe ya zama nitirat, shi kuwa maganaɗisun ƙasa ba ya kama shi, duk inda ruwa ya nufa nan ya nufa. A fadama ruwa yana sauka a hankali, saiwa tana samun lokacin sha. A jigawa ruwan dare ɗaya mai ƙarfi yana iya kai shi ƙasa da inda saiwar ƙaramin hatsi ta kai. Abin da ya same ka bara ke nan. Alamarsa ita ce tsofaffin ganyen ƙasa su fara yin ɗorawa daga baki, ta bi tsakiyar ganye, na sama suna da sauran kore. In gefen ganye ne ke ƙonewa kamar an bi shi da wuta, wannan ƙarancin fotasiyom ne.

To me za ka saya? Ni dai da ni ne, buhu biyu zan saya, 15-15-15 ɗaya da yuriya ɗaya, kuɗin na ukun in ba masu amalanke su kwaso mini takin dabbobi.

Kada ka watsa 15-15-15 ɗin. Hekta ɗaya in an shuka da tazarar mita ɗaya tana da gurbi 10.000. Ma'aunin da masu bincike na cibiyar binciken noma ta ICRISAT da ke Sadore, kusa da Yamai, suka yaɗa shi ne giram 6 a kowane gurbi, kusan cikin marfin kwalbar lemo, wato kilo 60 a hekta. Buhunka na kilo 50 zai ba kowane gurbi giram 5, ya wadatar. Ka sa shi a gefe, ƙasa ta raba shi da iri, domin a jigawa babu abin da ke tare zafin taki, in ya taɓa tsiro kuma ruwa ya ɗauke, ƙonewa zai yi. Wannan buhun kar ka yi wasa da shi, don fosfor da ke ciki shi ne abin da jigawarmu ta fi rasawa, kuma shi ba ruwansa da CEC, ba ya gudu kamar nitirat.

Yuriyar ka raba ta. Giram 2 a gurbi bayan noman farko, in an cire, wasu giram 2 lokacin da hatsi ya fara kara. Kilo 40 ke nan, sauran 10 ka kai fadama. Kowane zubi ka yi shi ƙasa na da laima kuma ka rufe, don yuriyar da aka bari a sarari tana bin iska. Na ga wani maƙwabcinmu ya watsa buhu guda da hantsi a kan busasshen rairayi, ya koma gida yana murna ya gama aiki da wuri. Har aka yi girbi ba ka iya nuna inda takin ya faɗa.

Game da takin dabbobi kuma, kada ka sa ran canza hekta ɗaya a damina guda. Ƙasar sama ta hekta, zurfin santimita 20, ta kai tan 3.000. Kafin ka ƙara mata kashi 0,3 na baƙin taki sai ka tara tan 9 na wanda ya riga ya ruɓe ya zauna, alhali mafi yawan abin da ka zuba gara da zafi suna cinye shi cikin shekara ɗaya ko biyu. Don haka a gurbi za ka zuba, cikin hannu ɗaya ko biyu, kamar yadda mutanen Illela da Badagishiri ke yi a ramukan tassa. Ka ɗauki ɓangare ɗaya bana, baɗi ka matsa gaba. Kuma ka bar ko rabin karan a gona, ka daina share shi tas.

Fadamar tana iya karɓar takinta a zubi ɗaya ko biyu ba tare da asara mai yawa ba, amma 22 girman rumbu ne kawai, bai ce rumbun a cike yake ba. Ka sa yaro ya duba layin fosfor da na fotasiyom a takardar, in sun yi ƙasa ka nemo mata 'yan tiyoyin 15-15-15. Ya duba na sodiyom ma, musamman in kana ganin farin kanwa-kanwa a saman ƙasa da rani, don shi ma yana cin gurbin abincin kirki. Kada kuma ka zuba yuriya ruwa na kwance a fadama, jira ya tsane har ƙafa ta daina nutsewa.