Fatu 400 sun iso, guda nawa za a duba?

"Salamu alaikum. Muna sayen fatun jar akuya daga wajen Illela don jima a nan Sakkwato, kusan 400 a kowane zuwa. Guda nawa zan duba, kuma marasa kyau nawa zan gani in mayar da kaya?"

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Na daɗe ina karɓar fatu a majema, kuma jadawalin ISO 2859-1 muke bi, wato ƙa'idar ƙasa da ƙasa da ke nuna guda nawa za a zaro a duba cikin kaya. A matakin dubawa na II, wanda aka fi amfani da shi, kayan da ke tsakanin 281 da 500 suna faɗawa harafin H, wato za ka zaro fatu 50. In kun yi yarjejeniya da mai kawowa a kan AQL 2.5, wato iyakar lalacewar da aka lamunta ita ce kashi 2.5 cikin ɗari, ka samu marasa kyau 3 ko ƙasa da haka, ka karɓa. Suka kai 4, ka mayar da kayan gaba ɗaya.

Amma kafin motar ta iso ku zauna ku daidaita a kan abin da ake kira aibi. Yankan wuƙa da ya huda tsakiyar fata babban aibi ne, haka ruɓa: ka ja gashin da yatsa biyu, in ya biyo hannunka, gishiri bai kama ba. Ɗan tabo a gefen ƙafa kuwa ba ya cikin wannan lissafi.

Inda na taɓa cutuwa shi ne wajen zarowa. Na ɗebi hamsin ɗin daga saman ɗauri, duka lafiya lau, sai da muka jiƙa muka tarar na tsakiya sun ɗumama, gashi na ta zuba. Tun daga ranar, in ɗauri goma ne, kowanne sai an kwance shi, in ciri biyar: sama, tsakiya da ƙasa. Kuma da hannuna, ba yaron mota ke miƙo mini ba.

Abin da nake so ka riƙe da kyau shi ne, 2.5 ɗin nan ba alkawari ba ne cewa kayan da ka karɓa ba su wuce haka lalacewa ba. Kayan da lalacewarsu ta tsaya a kashi 2.5 cikin ɗari za su wuce kusan sau 96 cikin 100, wannan kariyar mai kawowa ce. Amma ko da kashi 10 ne suka lalace, fatu 40 ke nan cikin 400 ɗinka, sau ɗaya cikin huɗu za su tsallake maka.

Shi ya sa nake ajiye littafi ga kowane dillali. In aka mayar masa da kaya sau biyu cikin zuwa biyar a jere, sai a tsaurara: fatu 50 ɗin dai, amma marasa kyau 2 kaɗai za ka lamunta, na uku ya mayar da mota. Ba ya komawa tsarin farko sai ya kawo sau biyar a jere an karɓa.