Ciwon haƙorin ƙanena ya lafa amma fuska ta kumbura: mu jira ya sace?

"Assalamu alaikum 'yan uwa. Ƙanena ya yi kusan mako biyu yana fama da haƙorinsa na ƙasa, na can ƙurya. Yana shan farasitamol da diklofenak, ciwon ma ya lafa kwana biyu, sai jiya muka ga kuncinsa ya kumbura, yau kuma kumburin ya gangaro ƙarƙashin muƙamuƙi. An ce mana ba a cire haƙori da kumburi. Mu jira ya sace ne, ko akwai maganin da ya fi wannan ƙarfi?"

Wa alaikumus salam. 'Yar'uwa, kada ku jira. Kafin ma ki ƙarasa karanta abin da zan rubuta, je ki duba shi. Ki ba shi ruwa ki ga ko yana haɗiyewa ba wahala. Ki ce ya buɗe baki, ki ga ko yatsunsa biyu a jere za su shiga tsakanin haƙoran gaba na sama da na ƙasa. Ki saurari muryarsa, ko ta koma kamar ta wanda ya cika baki da abu. Idan haɗiya na yi masa wuya, ko yawu na dalala, ko baki ya ƙi buɗuwa, ko ya ce ba ya iya kwanciya rigingine saboda numfashi, to sashen gaggawa na babban asibiti za ku nufa yanzu, ko da tsakar dare ne. Idan babu ko ɗaya, likitan haƙori yau, ba gobe ba.

Na daɗe ina aikin jinya a sashen haƙori da muƙamuƙi, kuma labarin nan naku shi ne wanda muka fi ji: ciwo mai tsanani, sai ya yi shiru, sai fuska ta tashi. Shirun nan shi yake yaudarar mutane, don haka bari in tsaya a kansa.

A tsakiyar kowane haƙori akwai ɗan ɗaki mai ɗauke da nama mai laushi, jijiyar ji da ƙananan hanyoyin jini. Idan rami ya ci haƙori har ya kai ɗakin nan, ƙwayoyin cuta sun shiga, naman ya kumbura, kuma ba shi da inda zai buɗa domin bangon haƙori ba ya miƙewa. Wannan matsin shi ne zugin da ke hana barci, wanda ruwan sanyi ko na zafi ke tayarwa. Bayan wasu kwanaki matsin yakan toshe jinin da ke shiga, naman ya mutu. Jijiyar da ta mutu ba ta kai ƙara, sai mai ciwo ya ce Alhamdu lillahi, magani ya yi aiki. Alhali ƙwayoyin cutar sun samu gida babu mai korarsu, suna bin ramin saiwa suna fita ta ƙarshenta zuwa cikin ƙashin muƙamuƙi. A nan mugunya take taruwa. Ciwon da ke dawowa daga baya kala daban ne: mutum ya ji haƙorin ya fi sauran tsawo, ko taɓa shi da harshe ba ya so. Ranar da mugunyar ta huda ƙashi ta shiga nama, ciwon ya sake sauƙi, fuska kuma ta tashi. Inda ƙanenki yake ke nan.

Daga nan, wurin da mugunyar ta ɓullo shi ne ke raba mai sauƙi da mai haɗari. Idan ta huda ta wajen dasashi, sai a ga ɗan ƙurji yana tsiyaya a baki, mutum ya yi wata da watanni da shi, ciwon na nan amma yana da mafita. Haƙoran turmi na ƙasa, musamman biyun ƙarshe, su ne abin tsoro, domin saiwarsu ta zarce ƙasan wata tsoka da ke shimfiɗe a ƙasan baki. Mugunyar da ta fita daga can ba cikin baki take zuwa ba, ƙarƙashin muƙamuƙi take sauka. Daga gefe ɗaya tana iya ƙetarawa ɗaya gefen, ta cika ƙarƙashin harshe, ta tura harshen sama da baya har ya tare hanyar iska. Wani likita Bajamushe, Wilhelm Friedrich von Ludwig, ya bayyana wannan yanayi a 1836, kuma har yau da sunansa likitoci ke kiransa. Kafin zamanin maganin kashe ƙwayoyin cuta, fiye da rabin waɗanda ya kama ba sa tashi. Abin da ke kashewa shaƙewa ce, kuma tana iya zuwa cikin 'yan awanni. Haƙoran sama nasu hanyar daban: daga fiƙa kumburi yakan hau gefen hanci ya rufe ido, kuma jijiyoyin jinin wurin suna da mahaɗa da na cikin ƙoƙon kai. A 2007 wani yaro ɗan shekara 12 a jihar Maryland ta Amurka ya rasu bayan ciwon haƙorinsa ya kai ƙwaƙwalwa.

Akwai wani magidanci da aka taɓa kawo mana da yamma, turmin ƙasa na hagu. Ya shigo a zaune ya karkato gaba, da tsumma a hannu yana tare yawu domin haɗiyewa ta gagara. Da na taɓa ƙarƙashin haɓarsa, ba taushi na ji ba irin na maruru da ya nuna, tauri na ji kamar katako, gefe da gefe. Bakinsa da ƙyar yatsa ɗaya ke shiga. Zafin jikinsa ya haura 39, zuciya na gudu. Abin da ya fi tsaya mini a rai, da aka tambaye shi ciwon haƙorin sai ya girgiza kai, wai ai haƙorin ya daina ciwo tun tuni. A aljihunsa akwai ƙwayoyi kala uku, biyu daga ciki duk dangi ɗaya ne bai sani ba. A daren aka shiga da shi tiyata. Sai da aka fara sa masa bututun numfashi, sannan aka tsaga ƙarƙashin muƙamuƙi ta gefe biyu, aka bar 'yan robobi don mugunya ta ci gaba da fita, aka cire haƙorin, aka ɗora shi kan maganin ƙwayoyin cuta ta jijiya. A gwajin jini aka gano yana da ciwon suga da bai san da shi ba, wanda shi ya sa abin ya yi masa gudu haka. Ya tashi, amma ya fi mako a kwance, kan haƙorin da tun farko aikin rabin awa ne a kujera.

Game da maganin da ya fi ƙarfi da kike tambaya: farasitamol, ibufurofen da diklofenak saƙon ciwo suke ragewa, ba sa kashe ƙwayar cuta ko ɗaya. Suna kuma sauke zazzaɓi, wato suna ɓoye alamar da za ta sa a farga da wuri. Kuma suna da iyaka. Babban mutum ba ya wuce giram 4 na farasitamol a awa 24, wato ƙwaya 8 masu miligiram 500, ana ba da tazarar aƙalla awa 4 tsakanin sha da sha. Wuce haka hanta yake lalatawa, kuma ba a ji a ranar. Ku duba kwalin magungunan mura, da yawansu akwai farasitamol a ciki. Ibufurofen da diklofenak dangi ɗaya ne, ba a haɗa su, kuma mai gyambon ciki, mai ciwon ƙoda da mai juna biyu su tambayi likita kafin su taɓa su. Kada kuma a danne asfirin a kan dasashi, ƙona naman yake yi ya bar farin gyambo, haƙorin kuma na nan yadda yake.

Na san wani zai ce to a sayo amoksisilin da metronidazol. Su ne ɗin ake bayarwa sau da yawa, kuma mai kumburin da ya bazu kamar ƙanenki yana buƙatarsu, amma daga hannun likita, tare da aiki. Magani ta jini yake tafiya, cikin haƙorin da ya mutu kuwa jini ba ya shiga, tsakiyar tarin mugunya ma da ƙyar. Shi ya sa ake ganin kumburi ya sace an yi murna, bayan wata ɗaya ko biyu ya dawo. Na ga masu zagaye uku, huɗu na wannan, kowane zagaye maganin na ƙara rashin tasiri.

Batun "ba a cire haƙori da kumburi" kuwa, ban san maganar da ta jawo wa marasa lafiyarmu wahala kamarta ba. Tana da ɗan tushe: allurar kashe zafi ba ta kamawa sosai a naman da mugunya ta cika, wani lokacin kuma baki ba ya buɗuwa yadda za a yi aiki. Amma likita na da dabara. A haƙoran ƙasa yakan yi allurar can baya, inda babbar jijiyar ke shiga ƙashi, nesa da ciwon. Idan cirewar ba za ta yiwu a ranar ba, zai huda haƙorin ta sama ko ya tsaga kumburin mugunya ta fita, ya ba da magani, ya sa ranar dawowa. Idan haƙorin na da sauran ƙwari, ana iya wanke ramin saiwar a cike shi a bar masa abinsa. Hoton haƙori ne zai nuna wanne ya dace. Ko ma wanne aka zaɓa, wanda ya duba bakin ne zai ce a jinkirta, ba 'yan gida ba.

Kafin ku isa, ya kwanta da kai a sama ko ya zauna. Kada a gasa kuncin da ruwan zafi, kada a matsa, kada a huda da allura. Tsumma mai sanyi daga waje ya isa. Idan alamun gaggawar nan sun bayyana, kada ya ci komai a hanya saboda ana iya shiga da shi tiyata. Ku tafi da kwalayen duk abin da ya sha, ku faɗi adadin da lokacin da ya sha na ƙarshe, ku kuma faɗa idan yana da suga ko wani magani ya taɓa yi masa borin jini, musamman fenisilin. Ki ɗauki hoton fuskarsa da waya yanzu, daga gaba da kuma daga gefe, domin likita zai tambaya yaya kumburin yake da safe, kuma saurin da yake ƙaruwa na cikin abin da zai duba kafin ya yanke ko a kwantar da shi. Allah ya ba shi lafiya, ki sanar da mu yadda kuka yi.