Masara, dawa da gero duk sun karye tare

"Na raba jarina gida uku, na ajiye masara da dawa da gero, amma duk farashinsu ya karye lokaci guda. To ina amfanin rabawar da ake ta faɗa?"

Allah sarki ɗan'uwa, Allah Ya mayar maka da alheri, wallahi na san wannan zafin. Amma gaskiya ba ka raba ba, hatsi ne duka, damina ɗaya ke ɗaga su, kaka ɗaya ke kayar da su, kuma in gwamnati ta cire harajin shigo da abinci kamar yadda aka yi a 2024 duk tare suke jin jiki.

Ni a 2007 wani dillalin hannun jari ne ya zaunar da ni ya ce in sayi na bankuna biyar daban-daban, wai ko ɗaya ya faɗi huɗu za su riƙe ni. Daga Maris 2008 kasuwa ta fara zubewa, kafin shekara ta zagayo ta rasa kusan kashi biyu cikin uku, biyar ɗin nan babu wanda ya tsira. Kuɗin auren ƙanwata ne fa a ciki. Na je ofishinsa na zauna a benci tun safe da takardun a leda, yana ciki ina jin muryarsa amma aka ce min wai ya yi tafiya, shi ya riga ya ci kamashonsa. Har yau in na tuna raina ɓaci yake, na bar shi da Allah.

Ka duba lissafin. Miliyan 1 duk a hatsi, farashi ya sauka kashi 40, ka yi asarar dubu 400. Da dubu 250 ce kawai a hatsi, sauran a tumaki da ɗan zinari da kayan shago, asararka dubu 100 ce, ba daɗi amma ba za ta kwantar da kai ba. Abin tambaya kafin ka saya shi ne me zai kayar da wannan, kuma shin shi ne zai kayar da wancan? Mai masara da kaji ma ya fi ka rabawa, don in masara ta yi araha abincin kaji ya yi sauƙi.

Sai dai kar wani ya ruɗe ka cewa ka tsira gaba ɗaya. Dala ta tashi daga wajen naira 460 a tsakiyar 2023 zuwa sama da 1,500 a 2024, wanda ya raba kuɗinsa a bankuna uku da adashi duk darajarsu tare ta zaftare, mai shago ma ciniki ya ja baya don aljihun kowa ya bushe. Kuma in ka raba, ranar da masara ta ninka kai ribar kwata kawai za ka gani, sai ka haƙura da wannan.

Hatsin yana nan ko ka sayar? In yana nan ka je ka duba ƙwari da danshi, kuma don Allah in da bashi a ciki fara biyansa.